Tafiya Yankari da Abokai: A Gama Maganar Kuɗi Tun a Gida

Idan rani ya kama, daga Disamba zuwa Afrilu, ciyawa takan bushe a dajin Yankari, namun daji su riƙa taruwa a bakin kogin Gaji. A lokacin ne majalisun matasa a Kano ke fara cewa bana kam sai sun je sun ga giwa, sun yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi. Da yawa maganar a baki take ƙarewa. Waɗanda suka tafi kuma, wasu sukan dawo ana gaisawa sama-sama, kuma in ka bincika za ka tarar kuɗi ne sila. Abokai suna jin nauyin yi wa juna lissafi, sai a ce "mu je kawai, ai ba matsala," matsalar kuma ta tare su a gidan mai.

A ɗauki abokai shida, cikinsu akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari mai mota Sharon, da malamin firamare. Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi zuwa masaukin Wikki kuma sama da 100. Zuwa da dawowa da 'yar zirga-zirga, a ce kilomita 850. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 85. Farashi yana sauyawa, don haka alƙaluman nan misali ne: in lita naira 1,000 ce, mai ya ci 85,000. Ɗakuna uku, kwana biyu, a kan 25,000 kowane dare, 150,000. Abincin kwana uku 90,000. Kuɗin shiga da motar zagaya daji 65,000. Ladan mota 30,000, ajiyar ko-ta-kwana 60,000. Jimla 480,000, kowa 80,000.

A nan ake yin kuskuren farko. Idan aka faɗi wannan adadi a tsakiyar majalisa, malamin zai ce "Allah ya kai mu," alhali ya san 60,000 ce iyakar ƙarfinsa. Ba zai ce ba shi da shi a gaban ɗan Kwari ba. Ko dai ya ci bashi, ko ya janye ana gobe tafiya da uzurin rashin lafiyar iyali. Maganin shi ne a fara zaɓen ma'aji tun kafin a ambaci ko sisi, kowa ya gaya masa a keɓe abin da zai iya. Ma'aji ya dawo da adadi mafi ƙanƙanta ba tare da ya ce na wane ne ba, sai a yanka tafiyar daidai da shi. A ganina wannan ne ginshiƙin al'amarin, domin mai kuɗi ba abin da zai rage shi in ya kwana a ƙaramin ɗaki, amma mai ƙaramin albashi wata guda zai yi yana biyan kwana biyun da ya yi a daji.

Yaya ake sauko da 480,000 zuwa 360,000? A mayar da kwanan ɗaya: a tashi bayan sallar asuba ranar Asabar, a isa wajen azahar, a shiga daji da yamma, a yi wankan Wikki, a kamo hanya Lahadi da hantsi. Ɗakuna sun koma 75,000, abinci 60,000. A taho da dambun nama da biredi da kayan shayi daga gida, abinci ya sauko 45,000. Shi ke nan, kowa 60,000. Ajiyar ko-ta-kwana ita ce abin da mutane ke fara yi wa kallon ɓarna, kuma ita ce ba a taɓawa, domin taya ba ta yin sallama kafin ta fashe. Guzurin kuma a kulle shi a ɗaki, don gwaggon biri na Wikki sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu.

Ladan mota yana bukatar bayani, saboda a nan ne ake cutar mutum ba da niyya ba. An saba a ce "mu za mu zuba mai," a ɗauka an biya. To amma kilomita 850 suna cin taya da birki da baƙin mai, ga gajiyar tuƙi. Mai motar zai ce, "Haba mutumina, ni zan karɓi kuɗin mota a hannunku?" A bar shi ya faɗa, amma ma'aji ya cire 30,000 ɗin daga kason da zai biya. Sannan a yi yarjejeniya tun a gida: abin da hanya ta jawo, kamar rami ya fasa taya, daga ajiya za a gyara, tsohuwar cutar inji da motar ta fito da ita daga Kano kuwa ta mai ita ce. Saboda haka ya kai ta wurin bakanike kafin ranar.

Ba kowane kashe kuɗi ne na asusu ba. Asusu na abin da kowa ya mora ne. Idan mutum uku suna son sake shiga daji da sassafe ranar Lahadi, su ukun za su raba kuɗin motar a tsakaninsu, sauran su tafi wanka. Tsire a hanya da tsarabar yara daga aljihu. Wanda yake son ɗaki shi kaɗai ya biya bambancin. Wanda kuma ya ce ya ɗauki nauyin abincin dare, a tabbatar kyauta ce, kada a dawo gida ya kawo ta cikin lissafi.

Sai mai janyewa. A ce ana jibi tafiya ɗaya ya fasa, bayan an kama ɗakuna. Abincin da ba zai ci ba, 7,500, da kasonsa na ajiya, 10,000, da kuɗin shigarsa, haƙƙinsa ne a mayar masa. Mai da ɗaki kuwa ba su ragu don ya fasa ba, kuma bai kamata malamin da aka tsara tafiyar a kan 60,000 ɗinsa ya wayi gari da ƙarin kaya ba. In rasuwa ce ko ciwo, abokai za su iya yafewa su mayar masa duka, amma wannan alheri ne da kowa zai yi da yardarsa.

Saɓanin tsari kuwa iri biyu ne, kuma ba a warware su da hanya ɗaya. Na son rai, kamar a fara da kogunan Marshall ko da wanka, a ci abinci a Bauchi ko a Ningi, rinjaye ya isa. In an yi uku da uku, jagora ya yanke. Naɗa jagora ba baƙon abu ba ne gare mu, hadisi ya yi umarni da shi ko da matafiya uku ne, kuma ya fi kyau ya zama dabam da ma'aji don kada kuɗi da iko su taru a hannu ɗaya. Amma abin da ya shafi rai ko ƙarin kuɗi, mutum ɗaya ya ƙi ya wadatar. Idan biyar suka ce a ƙara wanka har la'asar, direba ya ce ba zai bi hanyar Ningi cikin dare ba, maganarsa za a bi. Haka idan biyar suka ce a ƙara kwana, ba za a ɗora wa na shida kuɗin ba, sai dai masu so su biya masa, in ma aikinsa na Litinin ya ba shi dama.

Ma'aji ya riƙa rubuta kowace naira a lokacin da ta fita, ya karanta wa kowa da dare. Ranar dawowa, a tsayawar ƙarshe kafin a shiga Kano, a Wudil misali, a rufe lissafi. In ba a taɓa ajiya ba, kowa ya karɓi 10,000 ɗinsa nan take, kafin a fara sauke mutane a unguwanninsu.