Biyan Farko da Biyan Ƙarshe: Ina Gaskiyar Take?

Wata magana na yawo a tsakanin masu karɓar rance da masu ajiya, wai duk ɗaya ne ko a farkon wa'adi ka riƙa biyan kasonka ko a ƙarshensa, tunda jimillar kuɗin ba ta canja ba. Wasu kuma cewa suke biyan farko kullum ya fi sauƙi. Maganar farko ƙarya ce. Ta biyu tana da gaskiya rabi, kuma rabin da ake ɓoyewa shi ne ke cutar mutane.

Mu ɗauki tela da zai karɓi rance ya sayi sababbin kekunan ɗinki. An yi yarjejeniya zai biya naira 100,000 duk shekara har sau uku, kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100. Idan a ƙarshen kowace shekara zai biya, nawa ne darajar wannan alkawari a yau? Dubu ɗarin da za ta zo bayan shekara guda daidai take da 90,909 a yau, domin in ka ɗora kashi 10 a kan 90,909 za ta cika dubu ɗari. Ta shekara ta biyu 82,645 ce, ta uku 75,131. An haɗa, 248,685. Wannan shi ne abin da ya kamata a damƙa wa telan a hannu.

To, a ce a farkon kowace shekara zai biya. Kason farko yau ake ba da shi, don haka ba a rage masa ko kwabo. Sauran biyun kowanne ya matso da shekara guda, sun zama 90,909 da 82,645. Jimilla 273,554. Biya uku ne nan, uku ne can, dubu ɗari uku nan, dubu ɗari uku can, amma tazarar ta kusa naira 25,000. Ba wani ƙarin kaso aka yi ba, kamar yadda wasu ke zato. Darajar biyan ƙarshe ce kawai aka ƙara mata kuɗin ruwan wa'adi ɗaya.

Yanzu ga masu cewa biyan farko ya fi sauƙi. Gaskiya ne kason yana raguwa idan an yi lissafin da adalci: a kan rancen 248,685, telan zai riƙa biyan 90,909 maimakon dubu ɗari. Amma ba rangwame aka yi masa ba. Ranar da ya karɓi kuɗin ya mayar da kaso guda, abin da ya fita da shi kasuwa 157,776 ne. Ya biya kaɗan ne domin kaɗan ya ranta.

Inda abin ke ci mini rai shi ne idan mai ba da rancen ya bar kason a dubu ɗari, sannan ya ce a cire na farko nan take. Takarda na nan tana cewa kashi 10. Telan ya ƙirga kuɗinsa a bakin kanta ya ga 148,685, kuma dubu ɗari biyu na jiransa cikin shekara biyu. In aka yi lissafin, kuɗin ruwan da yake biya a zahiri ya haura kashi 22 cikin 100. Babu lambar da aka sauya a takardar, rana kawai aka matsar.

Wanda ke da Excel zai iya gwadawa da kansa. Lambar ƙarshe ita ce sirrin: 0 biyan ƙarshe, 1 biyan farko.

```
=PV(10%,3,-100000,0,0)
=PV(10%,3,-100000,0,1)
```

A wajen ajiya lamarin juyawa yake, domin yanzu kai ne mai kuɗin. Wanda ya zuba dubu ɗari a ƙarshen kowace shekara, da riba kashi 10, zai tashi da 331,000 bayan shekara uku, don zubinsa na ƙarshe bai kwana ba balle ya haihu. Wanda ya zuba a farko zai samu 364,100. A nan masu yabon biyan farko sun yi daidai.

Su ma masu cewa duk ɗaya ne akwai inda maganarsu ke tsayawa: bashin da babu ruwa a kansa, irin na ɗan'uwa da ɗan'uwa, lissafinsa dubu ɗari uku ne ko ta ina. Haka kuma idan wata-wata ake biya, tazarar kuɗin ruwan wata ɗaya ce kurum, ba ta shekara ba.

Kafin ka sa hannu a takardar rance, tambayi ranar biyan farko, ka kuma tambayi nawa zai rage a hannunka ranar da ka karɓa. In an ƙi gaya maka a rubuce, kada ka sa hannu.