Gabatar da Babban Baƙo: Me Za Ka Riƙe a Hannu?

A wajen ƙaddamar da littafi, gabatar da babban baƙo bai kamata ya wuce minti biyu ba. Amma a minti biyun nan ake yin abin kunya: a tsallake sarautar mutum, ko a kira Farfesa da Dakta.

Wanda ya rubuta jawabinsa kalma da kalma ba ya yin irin wannan kuskure, sai dai idonsa na kan takarda, muryarsa kuma ta koma ta mai karanta sanarwa. Wanda ya tsakuro kanun magana kawai, kamar karatu, aiki, dalilin gayyata, yana kallon jama'a yana magana a sake, amma da an yi tafi sai sunan ya kuɓuce masa, ko ya zarce da yabo har baƙo ya gaji da jira.

Ni kati na fi so, mai girman tafin hannu. A saman katin ka rubuta cikakken suna da muƙami da sarauta da manyan baƙaƙe, yadda mai sunan ke son a jera su. Ka tambayi mataimakinsa tun kafin a zauna. A ƙasa, abu biyu kacal da suka haɗa shi da littafin. Jimlar ƙarshe, wadda za ka miƙa masa makirufo da ita, ka rubuta ta gaba ɗaya.

Idan Sarki ne ko gwamna, rubuta komai ka karanta, babu mai ganin laifinka.