Tazarar da ke riƙe alamar tambaya a rubutun Faransanci

Yau zancena da masu buga takardu da Faransanci ne, ko a Maradi kake, ko Damagaram, ko kana koyon harshen a Kano.

A littattafan Hausa da muka saba karantawa, alamar tambaya manne take da kalmar ƙarshe. A ƙa'idar Faransa kuwa, ana barin tazara kafin alamar tambaya, da alamar motsin rai, da ruwa biyu, da waƙafi mai ruwa. Aya da waƙafi su kam ba a ba su tazara a gabansu. Maganar wani kuma ana sa ta ne tsakanin « da », su ma da tazara daga ciki. Ga misali:

```
Il demande : « Tu viens demain ? »
```

Ƙirga da kyau, tazara huɗu ce ta musamman a nan: kafin ruwa biyu, bayan «, kafin alamar tambaya, da kafin ». Alamar tambayar tana ciki ne saboda tambayar ta mai maganar ce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan ka danna dogon maɓallin nan na tazara, kwamfuta tana ɗauka ka ba ta izinin yanke layi a wurin. Sai jimlar ta kai bakin takarda, ka ga kalmar ƙarshe ta tsaya sama, alamar tambaya ta faɗo farkon layi na gaba ita kaɗai kamar marainiya. Shi ya sa ake amfani da tazara mai riƙo, wadda ke ɗaure alamar da kalmarta. Idan za su sauka, tare za su sauka.

A Word na Windows, ga yadda ake samunta, da alamomin zancen biyu. Lambobin nan sai da maɓallan lissafi na gefen dama:

```
Ctrl+Shift+Space
Alt+0171  «
Alt+0187  »
```

Idan an saita harshen takardar a Faransancin Faransa, Word yakan sa su da kansa. Amma rubutun da ka kwafo daga waya, wannan sai ka bi shi da ido. Yaya za ka gane? Danna alamar ¶. Tazara ta yau da kullum za ta fito a matsayin ɗigo, mai riƙo kuwa ɗan ƙaramin da'ira, kamar alamar digiri. Duk inda ka ga ɗigo kafin alamar tambaya, goge shi ka sa mai riƙo.

Abu na ƙarshe, wannan ƙa'idar Faransa ce fa. A Kebek ta Kanada galibi ba sa barin tazara kafin alamar tambaya ko ta motsin rai, amma suna bari kafin ruwa biyu. Saboda haka ka san inda takardarka za ta je kafin ka fara gyara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.