Lamba huɗu aka yarda ka rubuta: yadda shakkar awo ke bin sakamako a ɗakin gwaji

Duk wanda ya yi kemistiri a sakandare ya san aikin taitireshan, ko da a jarrabawar WAEC ce kaɗai ya taɓa yin sa. Ana ɗiga asid daga dogon bututun gilashi a hankali, har ruwan da ke cikin kwalba ya sauya launi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Daga nan sai lissafi, na'urar lissafi ta fito da amsa mai tsawo kamar 0.10163560, ɗalibi ya kwashe ta duka ya zuba a takarda. Na'urar lissafi ba ta san da wane sikeli aka auna garin ba, ba ta kuma san idon da ya karanta bututun ba. Yawancin waɗannan lambobi ado ne kawai. Aikin masanin sinadarai shi ne ya gano inda lambobin gaskiya suka tsaya, kuma akwai hanyar da ake bi a gano.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Muna da kwalbar asid na HCl, muna son sanin ƙarfinsa, wato yawan asid ɗin da ke cikin kowace lita. Za mu gwada shi da garin Na2CO3, sinadarin da ke cikin kanwa, sai dai wannan tatacce ne busasshe. Ana auna giram 1.3250 a sikeli, a narkar da shi a kwalbar awo mai dogon wuya, a cika da ruwa zuwa zanen mililita 250. Sai a ɗebi mililita 25 da fifet, wato siririn bututun da ke da zane ɗaya tak, a zuba a kwalbar gwaji tare da ɗigon metil oranj. Asid kuwa yana cikin buret, bututun nan mai famfo a ƙasa da zane-zanen awo a jiki. A ce launi ya juya bayan an sauke mililita 24.60. Mol ɗaya na garin nauyinsa giram 105.99 ne, kuma kowane mol ɗaya yana cinye mol biyu na asid. Lissafin ke nan:

```
c = 2 × (1.3250 / 105.99) × (25 / 250) / 0.02460
c = 0.10164 mol/L
```

Kayan awo huɗu suka shiga wannan amsa, kuma babu wanda bai zo da tasa shakkar ba. Shakka a nan ba ta nufin an yi ganganci. Ko da ƙwararre ne ya yi aikin, kowane ma'auni yana da iyakar da ba zai iya wucewa ba wajen faɗin gaskiya, kuma masu ƙera shi sukan rubuta ta a jikinsa. Fifet na mililita 25 mai harafin A an yarda ya kauce da 0.03, sama ko ƙasa. Kwalbar mililita 250 mai harafin A, da 0.15. Mai harafin B kuwa ya fi araha, kaucewarsa kusan ninki biyu ce.

Sikeli da buret suna da wani hali da mutane ke mantawa da shi: sau biyu ake karanta su. Ana auna ɗan kwano babu komai, a sake auna shi da gari, a cire wannan daga wancan. Haka buret, ana karanta shi kafin a buɗe famfo da bayan an rufe. Lambobin biyu cirewa ake yi, amma shakkarsu taruwa take yi, domin kowane karatu da tasa. A ce kowane karatun buret yana da shakkar mililita 0.05, wato rabin ƙaramin zane. Mutum zai ɗauka biyun sun zama 0.10. Ba haka ake yi ba. Ana ninka kowace da kanta, a haɗa, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Sai a samu 0.07. Sikeli mai karanta lamba huɗu bayan ɗigo, in muka ba kowane awo shakkar giram 0.0002, biyun sun zama kusan 0.0003.

Me ya sa ba a tara su kai tsaye? Ku dubi masu awon hatsi huɗu a kasuwa, kowa da tiyarsa. Wani zai ɗan tula, wani zai ɗan rage. Zai yi wuya dukansu su tula a lokaci guda, kuma kowa ya kai maƙura. Galibi ƙarin wannan yakan cinye wani abu daga ragin wancan. Tarawa kai tsaye tana bayyana ranar da komai ya kauce gefe ɗaya ne, wadda ba kasafai take zuwa ba. Ninkawa da kai kuwa tana ba da abin da aka fi sa rai. Sharaɗin shi ne kaucewar wannan ba ta da alaƙa da ta wancan.

Saura matsala ɗaya: ba a haɗa giram da mililita. Tunda lissafin namu ninkawa ne da rabawa, sai a mayar da kowace shakka kaso, a raba ta da girman abin da aka auna. Don sauƙi mu faɗe su cikin dubu goma. Giram 0.0003 a kan 1.3250 ya zama kashi 2. Kwalba, 0.15 a kan 250, kashi 6. Fifet, 0.03 a kan 25, kashi 12. Buret, 0.07 a kan 24.60, kashi 29. Yanzu dukansu sun zama jinsi ɗaya, ana iya haɗa su:

```
2² + 6² + 12² + 29² = 4 + 36 + 144 + 841 = 1025
√1025 ≈ 32
```

Kashi 32 cikin dubu goma na 0.10164 ya kama 0.0003. Don haka abin da za a rubuta shi ne 0.1016 ± 0.0003 mol/L. Shakkar ta faɗa kan lamba ta huɗu bayan ɗigo, nan amsar za ta tsaya. Wanda ya rubuta 0.10163560 ya yi iƙirarin ya san abin da kayan aikinsa ba su gaya masa ba. Wanda kuma ya yanke ta zuwa 0.1 ya zubar da wahalar da ya sha.

A sake duba jerin nan, domin a nan gizo ke saƙa. Cikin 1025, buret kaɗai ya kawo 841, sama da kashi 80 cikin ɗari. Sikeli 4 ya kawo. Da za a cire shi daga lissafin gaba ɗaya, amsar tana nan 32. Ninka lamba da kanta yana ƙara wa babba girma, ya danne ƙarami, har duk shakkar da ba ta kai sulusin babbar ba kusan ba a jin ɗuriyarta. A ganina wannan shi ne babban amfanin lissafin, fiye da ± ɗin da ake liƙawa a ƙarshe, domin yana nuna inda ya kamata a kashe kuɗi da lokaci. Ɗakin gwajin da ke cikin wannan hali, in ya sayi sikeli mafi tsada, bai ƙaru da komai ba. Gara ya kula da buret: ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, a kori kumfar iskar da ke maƙalewa a bakin famfo, in an kusa ƙarshe a riƙa sauke rabin ɗigo, tunda ɗigo guda ya kai wajen mililita 0.05. Sannan a tsara aikin yadda za a sauke asid mai yawa. Da mililita 10 kawai aka sauke, 0.07 ɗin nan ba za ta ragu ba, sai ta zama kashi 71 maimakon 29. Shi ya sa ake son abin da za a sauke ya kai ashirin da wani abu zuwa sama.

Kada dai a haddace cewa buret ne mai laifi kullum. Makarantu da yawa sikelinsu lamba biyu bayan ɗigo yake karantawa. In kowane awo na da shakkar giram 0.01, biyun sun zama 0.014, wato kashi 107 cikin dubu goma na garin da muka auna. Jimla ta tashi zuwa 112, amsa ta koma 0.102 ± 0.001. Lamba guda ta tafi, kuma yanzu sikeli ne ke jan ragama. Maganin a nan shi ne a auna gari mai yawa a narkar a kwalba mafi girma, misali giram 5.30 a lita guda, sai kason sikeli ya sauko zuwa 27.

Manyan ɗakunan gwaji suna ƙara wani mataki, bisa littafin ƙa'ida na duniya da ake kira GUM, wanda aka fara fitarwa a 1993. Sukan raba iyakar da aka rubuta a jikin gilashi da √3 ko √6 kafin su haɗa, daga ƙarshe su ninka jimlar sau biyu, don su iya cewa akwai tabbacin kusan kashi 95 cikin ɗari gaskiya tana cikin wannan tazara. Lambobin sukan ɗan sauya, tsarin haɗawar dai shi ne.

Akwai abin da wannan lissafi ba ya gani, kuma shi ya fi haɗari. Garin Na2CO3 yana shan laima daga iska, shi ya sa ake gasa shi a wajen digiri 270 a sanyaya a rufe kafin awo. In an bar shi a buɗe da damina har kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ya zama ruwa, sikeli zai auna ruwan a matsayin gari. Asid ɗin da za a sauke zai ragu, lissafi ya ce asid ya fi ƙarfi da kashi 100 cikin dubu goma, ninki uku na shakkar da muka sha wahalar lissafawa. Ko sau goma aka maimaita gwajin, amsoshin za su dace da juna, kuma dukansu a karkace. Maimaitawa tana rage tangal-tangal na ido da hannu ne kawai, ba ta gyara jiƙaƙƙen gari, ba ta gyara fifet ɗin da aka ƙera da ɗan ƙari. Ana gane laima ta hanyar sake gasa garin a auna, har sai nauyinsa ya daina raguwa. Ana gane halin fifet ta hanyar auna nauyin ruwan da yake saukewa.

Zafi ma yana da nasa. An daidaita kayan gilashin nan ne a kan digiri 20, ana rubuta hakan a jikinsu. Ruwa yana buɗewa in ya ɗumama: tsakanin digiri 20 da 35 yakan ƙaru da kusan kashi 42 cikin dubu goma, kuma digiri 35 ba baƙo ba ne a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu. In an yi dukan aikin a zama ɗaya, zafi bai canja ba, matsalar ƙarama ce, domin kwalba da fifet sun auna ruwa mai ɗumi iri ɗaya, gilashi kuma buɗewarsa kaɗan ce ƙwarai. Amma in an haɗa ruwan da sanyin safiya aka ɗiba da tsakar rana, ko aka gwada asid da bazara aka ci gaba da amfani da lambar har hunturu, kaucewar za ta iya kai 32 ɗin nan ko ta wuce. Don haka duk wanda zai rubuta 0.1016 ± 0.0003 a jikin kwalba, ya rubuta kwanan wata da zafin ɗakin a gefenta.