Me ya sa rago ya mutu bayan an yi masa rigakafi?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwa mai safarar dabbobi, da ke uwar yara, wannan tambaya ce da ke yawan tasowa a duk taron da aka yi da mutanenmu, daga ƙauyukan Jazira har Maiwurno, Sinja da Damazin: an yi wa dabba allurar rigakafi, bayan kwana uku ta kwanta, ta mutu. To allurar ce ta kashe ta, ko kuwa ba ta aiki? Amsar tana cikin yadda rigakafi ke aiki a jiki.

Ka dubi karen ruga. Ɗan kwikwiyon da bai taɓa jin warin kura ba, ranar da ta zo sai ta shige garke kafin ya gane abin da ake ciki. Amma karen da ya taɓa sansana fatarta, tun daga nesa yake haushi. Haka jiki yake. A cikin jinin mutum da na dabba akwai masu gadi, waɗanda muke kira sojojin jiki. In ƙwayar cuta baƙuwa ta shigo, sai sun ɗauki kwanaki kafin su gane ta su haɗa makamin da ya dace da ita, a cikin kwanakin nan kuwa cutar na yin ɓarna. In an tsira, ba sa manta ta. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yi.

Rigakafi shi ne a nuna wa masu gadin nan fatar kura kafin kurar ta zo. Kakanni ma sun san wannan dabara. Wani matafiyi Bature, James Bruce, da ya zauna a Sinnar a 1772, ya ba da labarin yadda mata ke "sayen" agana: a ɗaura tsumma a hannun mai ciwon, a yi ciniki, sannan uwa ta ɗaura wa ɗanta lafiyayye. Tunanin daidai ne, amma da haɗari, domin cutar da ƙarfinta aka ɗauko: tana iya kisa, tana iya bazuwa. Abin da ke cikin kwalbar rigakafin yau ƙwayar cuta ce da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangarenta kawai. Ta isa ta koya wa jiki, ba ta isa ta kayar da shi ba.

Sai dai koyo yana son lokaci. Jiki na buƙatar kamar mako biyu zuwa uku kafin garkuwa ta kammala. A nan ne amsar tambayarmu take.

A ce ka sayi raguna ashirin a kasuwar Damazin ranar Asabar. Sun yini a kara ɗaya da dabbobin da suka fito ta ko'ina, har daga iyakar Habasha, sun sha a kwami ɗaya. Ɗaya daga cikin dabbobin kasuwar na ɗauke da annobar nan ta tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR. Ranar Litinin ka sa aka yi wa naka allura. Ranar Alhamis uku suka daina kiwo: jiki da zafi, ido da hanci na zubar da ruwa, daga baya majina ta kafe, gyambo a dasashi, baki na wari, sai zawo da tari.

Yanzu mu ƙirga. Wannan cuta takan yi kwana huɗu zuwa shida a ɓoye kafin ta nuna kanta. Daga Asabar zuwa Alhamis kwana biyar ke nan. Ashe a kasuwa suka ɗauko ta, ta riga allurar shiga da kwana biyu, allurar kuwa ko rabin mako ba ta yi ba. Ɓarawo ya riga ya shiga ɗaki, sannan aka kawo kare. Rigakafi ba magani ba ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Abin yi a nan biyu ne. Garkenka na gida, yi masa allura tun yana lafiya, aƙalla mako uku kafin tashi kiwon damina ko shiga kasuwa. Allura ɗaya ta PPR tana karewa shekara uku ko fiye. Baƙin da ka sayo kuma, ware su kwana 21, kwaminsu daban, kafin ka haɗa su da sauran.

Akwai kuma lokacin da laifin na allurar ne. Ƙwayar da aka raunana tana da rai, zafi na kashe ta. Rigakafin PPR gari ne busasshe a kwalba, ana ajiye shi cikin sanyi, ana haɗa shi da ruwansa mai sanyi a wurin aiki, kuma a gama da shi cikin kamar awa biyu. In ka ga kwalbar da aka haɗa tun hantsi ana yi da ita da la'asar, ko wadda ke kan tebur a rana a kasuwa, ruwa kawai za a zuba wa dabbarka. Alamar haka ita ce cutar ta kama garke da yawa wata ɗaya ko biyu bayan allura. Ka duba akwatin mai allura da idonka: akwai ƙanƙara a ciki?

Uwar yara, wannan magana taki ce, domin ƙyanda da PPR 'yan gida ɗaya ne. Jariri na zuwa duniya da garkuwar aro daga jinin uwarsa. Tana kare shi 'yan watanni, amma tana iya kashe ƙwayar rigakafin kafin jikinsa ya koyi komai. Shi ya sa a Sudan ake jira sai wata 9. A wannan lokaci, cikin yara 100 kusan 85 ne ke kamawa, saboda haka ake ƙara ta biyu a wata 18 don sauran. Kada ki ce ɗaya ta isa. Ɗan akuyar da uwarsa ke da rigakafi shi ma ana jira ya kai kamar wata huɗu.

Wasu yara kan yi zazzaɓi, wani sa'in da 'yan ƙuraje, mako ɗaya zuwa kwana 12 bayan allurar ƙyanda, ya wuce cikin kwana biyu. Masu gadi ne ke atisaye. A ba shi nono da ruwa. Amma in yaro ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya ƙi kama nono, ko wurin allurar ya yi ƙurji mai mugunya, a kai shi asibiti nan take.

Gidan nan na cututtuka yana da ɗa na uku: bushiya. Ta shigo ta Masawwa a wajen 1887, ta ratsa Habasha da Sudan, ta kai ƙasar Hausa cikin 'yan shekaru, ta bar Fulani da yawa da sanda kawai. Da rigakafi aka bi ta garke garke, iyaka bayan iyaka, har ta rasa saniyar da za ta kama, a 2011 aka sanar da ƙarewarta a duniya. Cuta ba ta nuna takarda a kan iyaka, saboda haka in masu allura sun zo, ka fito da garken duka, har na maƙwabcin da ke kiwo tare da kai, kuma ka riƙe takardar shaida da ranar da aka yi, don ka iya ƙirga makonnin nan uku.

Allah ya tsare mana iyali da dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.