Kuɗin fansho da inshorar lafiya: wa ya fi amfana da rangwamen haraji?

Tun daga 1 ga Janairun 2026, da sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya ta fara aiki, tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowane mai albashi ya kau. Abin da ya rage ma'aikaci ya dogara da shi wajen rage haraji ƙalilan ne, kuma daga cikinsu akwai kashi 8 cikin 100 da yake zubawa a asusun fansho da kuɗin inshorar lafiya. Ana fara cire waɗannan daga albashi, sannan a ɗora matakan haraji a kan ragowar. Hikimar a fili take: gwamnati na son mutum ya yi wa tsufansa da jinyarsa tanadi, don haka ba ta taɓa abin da ya ajiye. Sai dai amfanin tsarin ba ya rabuwa daidai.

A ɗauki ma'aikaci mai naira 3,600,000 a shekara, a ƙaddara cewa duk albashin ake lissafa wa fansho. Naira 800,000 na farko babu haraji, naira 2,200,000 da ke biye ana cire kashi 15, abin da ya haura miliyan 3 a albashinsa kuma kashi 18. In ba a cire masa komai ba, harajinsa naira 438,000 ne. In aka cire 288,000 na fansho da, misali, 72,000 na lafiya, ragowar 3,240,000 ce, haraji ya sauko zuwa 373,200. Ya tsira da naira 64,800, wato kashi 18 na abin da ya zuba, domin cirewar daga matakin sama take fara ci.

Nan gizo ke saƙar. Wanda albashinsa ya zarce miliyan 50 ko bayan cirewar yana tsira da naira 25 a kowace naira 100 da ya zuba. Mai naira 72,000 a wata kuwa, fansho kaɗai ya mayar da shi ƙasa da 800,000, saboda haka kuɗin lafiyar da ake yanka masa ba ya rage masa ko sisi, alhali shi ne ya fi jin zafin yankan.

Za a ce mai babban albashi ai shi ya fi biyan haraji, dole rangwamensa ya fi. Gaskiya ne, amma manufar rangwamen ita ce jawo mutane su yi tanadi, kuma mai miliyan 50 zai yi tanadi ko ba a lallashe shi ba. Harajin da gwamnati ta yafe tallafi ne, ko da ba a kira shi haka ba, kuma mafi tsokarsa na tafiya wurin wanda bai buƙace shi ba. A ganina ƙaramin ma'aikaci, da ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi, sai gwamnati ta sa hannu ta biya musu wani kaso na kuɗin inshorar kai tsaye.