Hukuncin Abyei: Abin da Masu Sulhu Suka Faɗa wa Ɓangarorin Biyu

Ranar 22 ga Yulin 2009, a birnin Hague na ƙasar Holand, wakilan gwamnatin Sudan da na ƙungiyar SPLM ta Kudu suka zauna a zaure guda suna sauraron Farfesa Pierre-Marie Dupuy, Bafaranshe, shugaban alƙalan sulhu biyar da aka ɗora wa shata iyakar yankin Abyei. Ɓangarorin da kansu suka kai maganar, bayan faɗan watan Mayun 2008 ya ƙone garin Abyei, kuma sun sa hannu tun farko cewa duk abin da aka yanke ya zauna, babu ɗaukaka ƙara.

A irin wannan zama, jawabin ƙarshe nauyi ne babba. Mai sulhu ba shi da ɗan sanda ko gidan yari. Abin da yake da shi hujja ce, don haka dole wanda bai samu yadda yake so ba ya fita da sanin dalili.

A kan dalili ɗin ma shari'ar ta tsaya. Tun a 2005 wani kwamitin ƙwararru ya shata yankin, wato ƙasar masarautu tara na Ngok Dinka da aka mayar ƙarƙashin lardin Kordofan a 1905. Khartoum ta ce ƙwararrun sun wuce gona da iri. Masu sulhun suka duba, suka ce ƙwararrun ba su yi laifi ba da suka bi sawun inda mutanen suke zaune, amma a iyakar gabas da ta yamma da wani sashe na arewa sun ja layi ba tare da kawo gamsasshiyar hujja ba. Waɗannan layukan aka soke.

Sai aka faɗi sabuwar iyaka da lambobin da duk mai awon ƙasa zai iya bi: arewa a kan digiri 10 da minti 10, gabas a digiri 29, yamma a digiri 27 da minti 50. Yankin ya tsuke. Rijiyoyin man Heglig suka faɗa waje, abin da ya faranta wa Khartoum rai, su kuma Ngok Dinka suka tsira da garin Abyei da tsakiyar ƙasarsu. Kowane ɓangare ya samu abin da zai nuna wa jama'arsa, shi ya sa a ranar duka biyun suka ce sun karɓa. Alƙali ɗaya, Awn Al-Khasawneh na Jodan, ya rubuta ra'ayinsa daban, ya soki hukuncin da kakkausar murya.

Sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na makiyaya. Larabawan Misseriya kan gangaro da shanunsu kowane rani zuwa kogin da suke kira Bahar al-Arab, Dinka kuma suke kira Kiir. Hukuncin ya faɗa ƙarara cewa jan layi bai taɓa haƙƙinsu na kiwo da ratsawa ba. Duk wanda ya san yadda toshe burtali ko mashaya ke jawo zubar da jini zai gane darajar wannan magana. Sai dai Misseriya ba su cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar sulhun. Gwamnati ce ta tsaya a madadinsu, kuma da labari ya isa rugagensu, da yawa suka ɗauka an raba su da ruwa ne.

Zartarwa kuwa an bar ta a hannun fadar shugaban ƙasar Sudan, inda ɓangarorin biyu ke zaune tare a lokacin. Nan gizo ya yi saƙa. Layin da ke kan takarda yana buƙatar masu awo su shiga daji su kafa turaku, ga shi mutanen da za a kafa turakun a gabansu ba su gamsu ba, sai aikin ya tsaya.

Akwai kuma tambayar da ba a miƙa wa masu sulhun ba, don haka ba su da ikon taɓa ta: wane ne ɗan Abyei da zai jefa ƙuri'a a zaɓen raba gardamar da aka tsara yi a Janairun 2011? Khartoum ta ce har da Misseriya, SPLM ta ce makiyayin da ke zuwa da rani ba mazauni ba ne. Zaɓen bai yiwu ba. A watan Mayun 2011 sojojin Sudan suka kama garin, wata guda bayan nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tura dakarun Habasha su shiga tsakani. A Oktoban 2013 Ngok Dinka suka shirya nasu zaɓen, kusan dukkansu suka zaɓi Sudan ta Kudu, amma Khartoum da Juba ba su amince da sakamakon a hukumance ba.